Game da takardar gargaɗin da kake son ba mai sito

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, ya aiki, ya kuma ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan Kano sai godiya.

Na ga takardar da ka rubuta ka turo mini in duba kafin a miƙa wa mai riƙe muku da makullin sito a gidan burodin nan naka na Ɗorayi. Gaskiya ɗaya ce, kada a ba shi ita a haka. Ka ce masa kullum a makare yake zuwa, ka ce ya raina mutane, ka rufe da cewa za a ɗauki tsattsauran mataki. Ni da nake zaune a ofishin ma'aikata na kamfani a Sharaɗa na san amsar da zai bayar tun kafin ya buɗe baki. Zai ce, "Kullum? Ai jiya ma na riga kowa zuwa." Daga nan magana ta bar makara ta koma gardama, kuma shi ne da gaskiya, domin ba kullum ba ne.

Abin da ke ba irin wannan takarda ƙarfi shi ne a rubuta abin da mutum ba zai iya musantawa ba. Ka sa manajanka ya ɗauko rajistar da suke sa hannu da safe, ya fitar da ranakun ɗaya bayan ɗaya da lokacin da ya iso. Sai dai a tantance su tukuna. Idan akwai ranar da ya buga waya ya nemi izini aka ba shi, a cire ta. Asabar ɗin ƙarshen wata ma a cire, tunda ka san ranar tsaftar muhalli ce, ana hana zirga-zirga har ƙarfe goma. Rana ɗaya tak da aka ɗora masa bisa kuskure ta isa ya riƙe ta ya zubar da darajar sauran. Gara ranaku huɗu tabbatattu da goma masu shakku.

Ga yadda zan tsara ta. Ranakun da na sa misali ne kawai, ka musanya su da na cikin rajista:

"Bisa takardar ɗaukarka aiki, lokacin buɗe sito ƙarfe 6:00 ne na safe. Rajista ta nuna ka iso 6:50 ranar Litinin 3 ga wata, 7:15 ranar Alhamis 6 ga wata, 6:40 ranar Talata 11 ga wata, sannan 7:30 ranar Litinin 17 ga wata, duk ba tare da izini ba. A waɗannan ranaku masu kwaɓi sun zauna jiran fulawa, burodi bai fito kan lokaci ba. Manaja ya yi maka magana a kan haka ranar 6 ga wata, ya sake zama da kai ranar 12 ga wata a gaban shugaban masu gashi, inda ka yi alkawarin gyarawa. Wannan gargaɗi ne a rubuce. Daga ranar da ka karɓi takardar nan ana bukatar ka buɗe sito ƙarfe 6:00. Idan ka sake makara ba da izini ba cikin wata uku masu zuwa, za a ba ka gargaɗin ƙarshe, idan aka kuma bayan shi za a sallame ka bisa sharuɗɗan aikinka. In kana da bayani ko uzuri, ka kawo a rubuce cikin kwana biyu."

Ka lura babu zagi a ciki, babu zancen halinsa. Ka kuma lura da jerin ranakun: makarar 17 ga wata ta zo ne bayan zaman da aka yi da shi ranar 12. Wannan ita ce ƙashin bayan takardar, don ita ke nuna an yi magana da baki, bai ji ba, shi ya sa aka koma ga rubutu. To a nan ne nake da tambaya. Shin manajan naka ya taɓa zaunar da shi da gaske, ko dai ya tsaya ne a kan "Malam, yau ma an makara" yana wucewa? Mu Kanawa muna da kara, sai mutum ya yi shaguɓe ya ɗauka ya yi gargaɗi. Idan ba a yi zaman ba, kada a rubuta an yi. A yi shi yanzu, a sa shaida, a rubuta ranar a littafi, takarda ta jira.

Sai batun hukunci, inda na fi son ka natsu. Ka ce mini kana son a riƙa yanke masa naira dubu duk ranar da ya makara. Na san ana yi a gari, amma Dokar Ƙwadago ta Nijeriya a sashe na 5 ta hana mai aiki cire tara daga albashin ma'aikaci, don haka kada ka sa hannu a takardar da za ta zama hujja a kanka. "Tsattsauran mataki" kuwa ba ya nufin komai, kowa da yadda zai fassara shi. Ka faɗi ainihin abin da za ka yi, kuma ya zama abin da za ka iya aikatawa. Na san ka da sanyin zuciya. Idan ka rubuta sallama, ya sake makara, kawunsa ya buga maka waya ka ce a bar shi, to sauran ma'aikata sun gama karanta ka, takardarka ta gaba ba wanda zai ɗauke ta da nauyi. Shi ya sa na sa matakin gargaɗin ƙarshe a tsakani, ya ba ka sarari, shi ma ya ba shi.

In ta kai ga rabuwa, sashe na 11 na dokar ya ƙayyade wa'adin sanarwa. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya ne. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Naka da ka ce yana cikin shekara ta uku, mako biyu ke nan a rubuce, ko ka biya shi kuɗin kwanakin a madadin sanarwar, sai fa idan takardar ɗaukarsa ta ba shi fiye da haka, sai a bi ta. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana da reshe a nan Kano, kuma idan magana ta je can, ana duba ko an ba mutum damar kare kansa. Dalilin jimlar ƙarshe ke nan, wadda ta ba shi kwana biyu.

Kuma a karanta amsar tasa da zuciya ɗaya. Ka ce daga Kurna yake zuwa. Mai fitowa daga can bayan asuba yana neman adaidaita sahu zuwa Ɗorayi yana iya samun uzuri na gaskiya, kuma mai yiwuwa maganin abin shi ne a ba wani na kusa makulli na biyu. Uzurin ba ya goge ranakun, amma zai iya canza matakin da za ka ɗauka.

A buga kwafi biyu, a sa kwanan wata, manaja ya kira shi ofis ya ba shi hannu da hannu, ba a gaban yara ba. Idan karatunsa ba ƙarfi, a karanta masa. Ya sa hannu a kwafin da za a ajiye, a kuma gaya masa sa hannun shaidar karɓa ce kawai, ba amsa laifi ba. In ya ƙi, shaidan da ke wurin ya rubuta cewa an ba shi ya ƙi sa hannu, da rana da lokaci.

Ka turo mini hoton shafukan rajistar da takardar ɗaukarsa aiki kafin a buga, in tabbatar ƙarfe shidan tana rubuce a ciki. A gaida uwargida da yara.

Naka,
amininka na Kano.