Wata Shida Nake da Ciki, Bayan Gida Ya Zame Mini Abin Tsoro

Assalamu alaikum Anti Likita. Ina yi miki fatan alheri, ke da duk masu taimaka miki a shirin lafiyar iyali. Daga Agege nake rubuto miki, a nan Legas. Ina roƙon a sakaya sunana, don matsalar tawa irin wadda mace ke jin nauyin faɗa ce ko a gaban mahaifiyarta.

Shekaruna 27, wannan ne cikina na biyu, yanzu sati 25 ke nan. Tun cikin bai cika wata uku ba bayan gida ya fara yi mini wuya. Da can kullum da safe nake zagawa, sai ya koma bayan kwana biyu, yanzu har kwana biyar ina yi. In ya tashi zuwa kuma sai na yi yunƙuri har zufa ta keto mini, abin da zai fito ɗan kaɗan, a bushe, ƙulu-ƙulu kamar na akuya, in tashi ina jin ban gama ba. Ciki a kumbure, ga iska, abinci ma ya fita raina.

Ranar awo na cije na gaya wa wata dattijuwar nas. Allah ya saka mata da alheri, ba ta yi mini dariya ba, ta ɗauki biro ta zana mini hanji a bayan wata takarda. Ta ce tun da ciki ya shiga jiki yake ƙara yawan wani sinadari mai suna furojestaron. Aikinsa shi ne ya kwantar da naman mahaifa, kada ta riƙa murɗawa ta turo ɗan tayi kafin lokaci. To shi hanji da irin wannan naman aka yi bangonsa, da matsawa da saki yake tura abinci gaba, sinadarin kuma a cikin jini yake yawo, bai san wannan mahaifa ce wannan hanji ne ba, duk sai ya sassauta su. Abinci sai ya riƙa tafiyar hawainiya. Babban hanji kuwa aikinsa tsotse ruwa daga abin da ya rage, iya daɗewar da ya yi a ciki iya bushewar da zai yi. Ta ce shi ya sa abin ya fara mini tun cikin bai fito ba, kuma shi ne dai ke sassauta bakin tumbi ya jawo ƙwannafin da nake fama da shi. Nauyin mahaifa a kan hanji daga baya yake zuwa ya ƙara. Wallahi Anti ranar na ji sanyi, don a da na ɗauka wani mugun ciwo ne ya kama ni.

Sai dai akwai abin da ban gaya mata ba a ranar, shi ne kuma ainihin dalilin wasiƙar nan. Na lura tun da aka fara ba ni ƙwayar ƙarin jini abin ya ninka, bayan gidan ya koma baƙi ƙirin ya ƙara tauri. Sai na daina sha ba tare da kowa ya sani ba, kusan sati biyar. Na ɗan samu sauƙi, gaskiya. Amma da aka sake ɗibar jinina, ma'aunin yawan jinin da yake 33 a farkon awo ya sauko 28. Dama na fara jin jiri in na miƙe daga kan keken ɗinki, in na ɗauko bokiti ɗaya sai haki. Da nas ɗin ta ga takardar ta dube ni ta ce, ’yata, kina shan maganinki kuwa? Na sunkuyar da kai. Ta ce baƙin bayan gida daga sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar ne, ba ciwo ba ne, amma ƙarancin jini ga mai shirin haihuwa ba abin wasa ba ne, don jinin da wata za ta zubar ta tashi garau, ke shi zai kayar da ke. Na koma sha, bushewar cikin ta dawo sabuwa. Ga ni nan tsakanin biyu.

Bari in faɗa miki yadda zamanmu yake, don ina ganin yana da hannu a ciki. Gidan haya ne, ɗakuna takwas, ban-ɗaki ɗaya a can ƙarshen lungu. Lokacin da nake ɗan jin motsin zagawa, wato bayan na karya, shi ne lokacin da masu fita aiki da ’yan makaranta suke layi da butocinsu. In na samu na shiga, ban yi minti biyu ba za a fara ƙwanƙwasa ƙofa. Sai in haƙura in fito, in ce anjima, anjima kuma abin ya lafa sai gobe ko jibi. Ruwa ma da gangan na rage sha, saboda yawan fitsarin dare da nisan ban-ɗakin, a wuni bai fi leda biyu na fiyawata nake sha ba, ga zufar Legas. Abinci kuwa laulayi ya bar ni da burodi da shayi, sai teba, sai farar shinkafa. Wuni nake a zaune kan keke.

Abin da nas ta ɗora ni a kai na farko ba magani ba ne. Ta ce in kai ruwana lita biyu zuwa sama a wuni, wato aƙalla leda huɗu zuwa biyar, in fi sha da safe da rana don dare ya yi sauƙi. In ƙara abinci mai dusa da ganye: wake, zogale, alayyahu, kuɓewa, lalo da maƙwabtanmu Yarbawa ke yin miyarsa, lemo a ci har da totuwarsa, dabino, gwanda nunanniya, ta ja mini kunne a kan ɗanya. In taka ƙafa minti ashirin ko talatin da yamma, kuma in daina danne shi in ya zo. Maigida ya yi ƙoƙari, ya je Mil 12 ya cika mana leda. Kuskuren da na yi shi ne na afka wa wake kwana uku a jere safe da dare, ruwan kuma ban ƙara yadda aka ce ba. Cikina ya yi tam kamar ganga, daren ban runtsa ba. Daga baya na fahimci da kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, kuma dusa ba ruwa ƙara toshewa take yi.

Da sati biyu suka wuce babu canjin kirki, likita ya rubuta mini laktulos, wani ruwa mai zaƙi kamar zuma, mil 15 safe da yamma. Ya ce ba ya shiga jini sai ɗan abin da ba a rasa ba, a cikin hanji yake tsayawa ya jawo ruwa ya tausasa bayan gida, shi ya sa suke ba masu juna biyu. Ya ce kada in sa ran gani a ranar. Haka kuwa aka yi, sai a kwana na uku na samu, da taushi, ba yunƙuri. Illarsa a wurina ita ce iska da ƙugin ciki. Ya kuma ambaci garin isfagula da ake damawa a kofi cike da ruwa, da ’yar ƙwayar gilisarin da ake sawa ta ƙasa in abin ya tsaya a bakin hanya. Ya tambaye ni maganin ƙwannafin da nake saya a kemis, da na nuna masa kwalbar ya ce mai sinadarin alminiyam ne, shi ma yana ɗaure ciki, in ajiye shi. Abubuwa biyu ya hana ni kai tsaye: man zurma, don yana iya tayar da murɗawar mahaifa, da man farafin, don yana hana jiki tsotsar wasu bitamin.

Yanzu ga inda na rasa yadda zan yi. Kwalbar laktulos ta ƙare, kwana huɗu da ƙarewarta na koma gidan jiya. Zan iya ci gaba da sha har in haihu, ko hanji zai saba ya kasa aiki sai da shi? Sannan maganar ƙarin jinin: wata da muke awo tare ta ce ita likitanta ya mayar mata da shi yau a sha gobe a huta, wata kuma an canja mata zuwa na ruwa. Mai jini 28 a wata na shida, ana iya yi mata haka? Ba na so in sake yanke hukunci ni kaɗai, na ga abin da na farko ya jawo mini.

Sai maganar da ta fi yi mini nauyi. Mahaifiyar maigidana ta ji labari, ta aiko mana da ƙullin filasko daga gida ta hannun direban motar kaya, ta ce in jiƙa da tsamiya in sha, da shi ta yi goyon cikinta duka. Na san don ƙauna ta yi, kuma duk waya sai ta tambaya ko na sha. Maƙwabciyata ma ta kawo mini kwalbar jiƙonsu na agbo, wannan na karɓa na gode na ajiye, tunda ban san abin da aka zuba a ciki ba. Filaskon ne ya tsaya mini a rai. Ƙanwata da ke karatun aikin jinya ta ce dangin ganyen sena ne, wanda da shi ake yin ƙwayar da likitoci kan bayar na ’yan kwanaki in masu sauƙin sun gaza, tsokanar hanji yake yi ya motsa da ƙarfi. Ta ce ita ƙwayar an auna ta, jiƙo kuwa ba mai sanin ƙarfinsa, yana iya zuwa da murɗa da gudawar da za ta tsotse ruwan jiki. Na taɓa shansa ina budurwa, na san irin murɗawar da yake yi, kuma ina tsoron in kasa bambanta ta da ta naƙuda. Don haka ban taɓa shi ba, yana nan cikin kwalla. Anti, daidai na yi? Ita tsamiyar kaɗai fa, kamar a kunu, akwai laifi? Kuma da wane harshe zan gaya wa Hajiya ba tare da ta ga na raina abin hannunta ba? In kin yi bayanin a rediyo, na san maigida zai ji, ta bakinsa maganar za ta fi isa gare ta da daɗi.

Abu na ƙarshe, shekaranjiya bayan na yi yunƙuri na ga ɗan jini ja a ruwan tsarki, ga zafi kamar an yanka ni da reza, ya ɗauki kusan awa kafin ya lafa. Na duba da kyau, ba ta gaba ya fito ba, kuma yaro yana motsinsa yadda ya saba. Nas ta riga ta gaya mana alamun da ba a kwana da su a gida: jini ko ruwa ta gaba, ciwon mara mai zuwa yana lafawa a kan lokaci, amai tare da kumburin ciki har iska ta ƙi fita, zazzaɓi, ko motsin yaro ya ragu. Ba ni da ko ɗaya. To wannan basir ne ya fara, ko wurin ne ya tsage? Awona sai nan da kwana goma sha ɗaya. In jira, ko in koma kafin ranar? Kuma yunƙurin nan da nake yi, yana iya taɓa abin da ke cikina? Duk lokacin da na tsuguna da wannan tunanin nake shiga.

Don Allah Anti ki amsa a shirin wannan makon in da hali. Allah ya ƙara miki lafiya da basira.

Taki,
Wata mai sauraro daga Agege, Legas