Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya yanka mana hoton Dutsen Kufena

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna sanar da ku cewa bangon wasan bidiyon da kuka miƙo mana ba ya aiki, kuma ga dalilai.

Hoto ɗaya muka ba ku: titi a gaba, gidajen ƙasa da itatuwan rimi a tsakiya, Dutsen Kufena can nesa cikin hazo. Yarjejeniyarmu ita ce ku raba shi falle huɗu, wato sama, dutse, gidaje da titi, yadda in kyamara ta motsa na nesa zai ja a hankali, na kusa ya yi sauri.

Duka fallayen kun kawo su da faɗin fiksil 1920, daidai da allo. Filin wasan kuwa 9600 ne, kenan kyamara za ta yi tafiyar 7680. Lissafin da kowane mai wannan sana'a ya sani shi ne:

```
fadi = allo + (fili - allo) * sauri
```

Dutsen da saurinsa yake 0.2 na saurin kyamara yana bukatar 3456, gidajen da ke kan 0.5 kuma 5760. Ɗan wasa bai yi nisa ba fallen gidaje yake ƙarewa, sai baƙin fili. Da ma kun daidaita bakin hagu da na dama, da mun maimaita fallen, amma katangar hagu ta fi ta dama tsawo, mahaɗar tana fitowa ƙarara.

Babban abin takaicin shi ne ramukan. Da kuka ɗauke rimin daga gaban dutse, kun bar gurbinsa wayam, mai siffar bishiya. In komai yana tsaye ba a gani, domin rimin ya rufe shi. To amma tsakanin fallen gidaje da na dutse akwai bambancin sauri 0.3, wato a ƙarshen fili sun goce wa juna da fiksil 2304. Ba gefen ramin kaɗai ke leƙowa ba, gaba ɗayansa ne. Dole a cike shi duka, a kwafo jikin dutsen daga wurare daban-daban don kada tabo ɗaya ya riƙa maimaituwa.

Sai farin zobe a bakin ganyaye. Hazon da ke bayansu ne kuka yanko tare da su, kuma da mun sa saman dare sai ya yi ta ƙyalli. A matso da yankan ciki da fiksil ɗaya ko biyu, a shimfiɗa launin ganyen ƙarƙashin wurin da aka goge. Fallen titi ma JPEG kuka aiko, alhali JPEG ba ya riƙe wurin da babu launi.

Muna bukatar fallaye huɗu na PNG a faɗin da ya dace, tare da ainihin fayil ɗin aikin, cikin mako biyu. In hakan ba zai yiwu ba, ku maido mana da kuɗinmu.

Naku,
Masu haɗa wasan, Samaru, Zariya