Rahoton kwamitin gyara kan raunin wutar masallaci da makarantar dare a Tawa

Tun shigowar bazara jama'a suke kuka cewa da an yi magariba wuta sai ta yi sanyi. Fankoki suna juyawa kamar an ɗaura musu dutse, injin jawo ruwa ya yi ta gurnani ba ya tashi. Wasu suka ce a tara kuɗi a sayi regilatar, wasu suka ce a kai kuka kamfanin wuta. Kwamiti ya ga bai kamata a kashe ko dala ba sai an san inda wutar take zubewa, waje ne ko cikin gida. Muka kira mai gyaran wuta, aka yi awo kwana uku.

An soma da bakin dijonktar da ke ƙarƙashin kwantar, ta gefen da waya take fitowa zuwa gare mu. Ba a taɓa inda kamfani ya sa hatimi ba. Da tsakar rana awo ya nuna volt 224. Ƙarfe 8 na dare aka kashe komai na masallaci da ajujuwa, aka sake aunawa, sai ga 204. Tunda ba mu jan komai a lokacin, wannan ragin na volt 20 ba daga gare mu yake ba. Layin unguwa ne ya yi nauyi, kowa ya dawo gida ya kunna nasa. Shagon tela da ke maƙwabtaka ma kusan haka ya nuna.

Da a nan muka tsaya, da mun ɗora wa layi laifin duka. Sai aka kunna kaya yadda aka saba kowane dare: fanka 24, fitilu, firiza, kilim na ɗakin littattafai da injin ruwa, jimla amfiya 25. Aka auna wuri biyu lokaci guda. Bakin kwantar ya sauka zuwa 198, amma tablon da ke cikin masallaci 180 kawai yake samu. Ke nan volt 18 suna ɓacewa a cikin harabarmu, tsakanin ƙofa da tablo.

Da aka bi wayar sai dalili ya fito. Tsawonta mita 45 ne, kaurinta milimita murabba'i 2.5, irin wadda ake ja wa firiz na ɗaki, wato wurin jona kayan wuta a bango. An sa ta tun masallacin yana da fitila shida da fanka huɗu, aka yi ta ƙara kaya ba wanda ya waiwaye ta. Wuta tana zuwa ta faz ta koma ta netir, don haka mita 90 take ratsawa. A lissafi, wayar jan ƙarfe mai wannan kauri da tsawo tana cin kusan volt 16 idan amfiya 25 suka bi ta. Wannan asarar zafi take zama, wajen wat 400, kuma kwantar tana ƙirga mana shi. Wanda ya kama wayar bayan isha ya ji ta da ɗumi sosai.

Sauran volt 2 a cikin tablo aka same su. Kusar da ta riƙe netir ta saki, robar wajen ta yi baƙi ta ƙanƙance, jan ƙarfen ya dafe, ana buɗe murfi ƙauri ya bugi hanci. Wannan ya fi tayar mana da hankali duk da ƙanƙantar adadin, domin zafin a wuri ɗaya yake taruwa, kuma tabarmi a jingine suke ƙarƙashin tablon.

An kashe dijonktar, an tabbatar da na'ura cewa babu wuta, sannan aka ja sabuwar wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 10, tsawon mita 50, cikin bututu a ƙarƙashin ƙasa. An sauya mahaɗar netir, an ɗaure kowace kusa, an ware wa injin ruwa da kilim kowanne nasa dijonktar. Da aka maimaita awon ƙarfe 8 da kaya iri ɗaya, kwantar ta ba da 198, tablo 194. Injin ruwa yana tashi da bugu ɗaya.

Regilatar ba mu saya ba. Ita tana ɗaga volt ne ta hanyar jan ƙarin amfiya, don haka da an ɗora ta a ƙarshen tsohuwar wayar, da zafi ya ƙaru. Raunin layin unguwa kuwa yana nan, ba gyaranmu ba ne, kuma kada kowa ya hau poto. Mun rubuta wa kamfani takarda tare da awon kwana ukun, rana da sa'a, maƙwabta sun sa hannu. Kafin su zo, ladan zai riƙa cika tankin ruwa da hantsi, lokacin da wuta take da ƙarfi.