Wasiƙa zuwa ga ɗana a Yamai kan saƙon duwan na ƙarya

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyalinka, na rubuto ne domin ka fara shigo da kaya ta Ƙonni, kuma ƴan damfara sun fi farautar ɗan kasuwar da kayansa ke bisa hanya.

Ga abin da ya sami wani maƙwabcinmu mai sayar da atamfa nan Tawa. Saƙo ya shigo masa ta WhatsApp ɗauke da tambarin duwan, cewa an tsare kayansa, ya biya tarar jika 75 ta waya kafin la'asar, in ba haka ba jandarma su zo su kama shi a shago. Da yake yana jiran kaya a ranar, hankalinsa ya tashi, ya tura. Ba a jima ba aka nemi ƙarin jika 40, wai kuɗin ajiya. Sai a lokacin ya kira direba, wanda ya shaida masa cewa tuni ya wuce Badagishiri da kayan, babu wanda ya tsayar da shi.

Ka lura, saƙon bai faɗi lambar motar ba, bai faɗi irin kayan ko lambar takardar shigo da su ba, alhali jami'in da ya tsare kaya da gaske duk waɗannan suna gabansa. Lambar da aka ce a tura kuɗin kuma da sunan wani mutum take, ba na hukuma ba. Kuɗin duwan da na haraji ana biyansu ta hanyar da ofishin ya tanada, a ba ka rasit mai lamba da hatimi. Tambari kuwa kowane yaro yana iya kwafo shi. Wa'adin la'asar ma da gangan aka sa shi, domin tsoro ya hana ka tambayar kowa, kuma hukuma ba ta cinikin kamu ta waya.

Saboda haka idan irin wannan ya zo maka, kada ka amsa, kada ka taɓa adireshin da ke ciki. Ka fara kiran direbanka da wanda ke fitar maka da kaya, a lambobin da ka riga ka sani, sannan ka taka da ƙafarka zuwa ofishin da takardunka. Ka ɗauki hoton saƙon da lambar ka kai wa ƴan sanda.

Haka nan saƙon tallafin gwamnati da ke neman kuɗin buɗe fayil, ko lambar sirrin da ta shigo wayarka: hannu ɗaya ne, kwaɗayi kawai aka sa a gurbin tsoro. Wannan ka bayyana wa matarka da yaron shagonka, tunda wayar kan kwana a hannunsu.

Mahaifiyarka tana gaishe ku. Allah ya yi maka albarka, ya tsare dukiyarka.

Mahaifinka