Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakatare Zuwa Ga Mambobi Masu Gidajen Burodi

Assalamu alaikum iyayenmu, shugabanni da sauran 'yan uwa.

Mun yi zaman wata-wata sau tara cikin goma sha biyu, an tsallake na azumi da na sallah biyu kamar yadda aka saba.

Zan fara da kuɗin wata, domin duk abin da ya gagara bana a nan ya maƙale. Mu 42 ne a rajista. Mutum 17 ne suka biya cikakke, 11 suka biya wani abu suka tsaya, 14 kuwa ko sisi. Ni da ma'aji mun zagaya Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Sanusi da man babur ɗinmu, wani gidan sau uku, ana ce mana maigida ya fita alhali motarsa na ƙofa. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu wanda ya sake, amma waɗanda suka biya ma a kasuwa ɗaya suke sayen fulawa.

Abin da ya fi faranta mini rai bana shi ne zaman da muka yi bayan wani sabon gidan burodi ya buɗe ya karya farashi, ya kai wa masu shayi babban burodi a naira 900 alhali mu muna ba su a 1,000. Ran nan ɗakin taro ya cika har da tsaye, waɗanda ban gani ba tun bara duk sun zo. Da yawa da magana ɗaya suka shigo: ƙungiya ta yanke farashi guda, kowa ya bi. Shugaba ya ƙi, kuma yana da gaskiya. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su tsayar da farashi. Abin da za mu iya shi ne mu koya wa juna lissafi, kowa ya koma gidansa ya yanke wa kansa.

Ma'aji ya tashi ya ɗauki alli. Ya ce mu ɗauka gida yana fitar da burodi 500 a rana, kowanne yana cin naira 800 na fulawa da sukari da bota da yis da itace da leda. Abin da ya saura a kan kowanne 200 ne, wato 100,000 a rana, kuma daga ciki ake biyan haya da albashi da dizal kafin a yi maganar riba. In ka bi shi ka sauko 900, a ido kashi goma cikin ɗari ka rage, amma 200 ɗin nan ta koma 100. Rabi ya tafi. Sai ka sayar da burodi 1,000 kafin ka dawo inda kake, tandarka kuwa ba za ta gasa hakan ba, balle a sami masu saye. In kuma ka tsaya a 1,000, sai cinikinka ya faɗo zuwa 250 kafin ka yi daidai da wanda ya sauke farashi ya riƙe 500 ɗinsa, domin dukkanku 50,000 za ku tashi da ita. Tambayar ke nan da kowa zai yi wa kansa: rabin masu sayena za su gudu saboda naira ɗari? Ɗakin ya yi tsit.

Sannan Hajiyarmu ta Tudun Wada ta buɗe jaka ta fito da sikelin kicin da burodi biyu, nata da na sabon gidan. Nata ya hau giram 800, nasa 700. A lissafin giram ɗari-ɗari, nata naira 125 ne, nasa ya kusa 129. Wato bai rage komai ba, kwaɓin ya rage ya bar shi ya kumbura a gwangwani. Ta matse nasa a tafin hannu ya dunƙule kamar auduga. Tun ranar nake cewa kafin ka firgita da farashin wani, sayi kayansa ka auna. Ka kuma duba ko farashin buɗe gida ne na 'yan makonni, ko kuwa da gaske yana samun fulawa da araha fiye da kai, domin na farkon zai wuce da kansa, na biyun shi ne abin tsoro.

Bayan wata uku mun sake zama mun ji sakamako. Alhajinmu na Rigasa ya tsaya a farashinsa, cinikinsa ya sauko daga 500 zuwa 420, ya tashi da 84,000 a rana. Ya yi asara, amma ba ta kai ta bin farashi ba, kuma masu shayi biyu cikin waɗanda suka bar shi sun dawo da masu sayensu suka fara ƙorafin burodin ba ya riƙe ciki. Hajiya ba ta taɓa babban burodinta ba, sai ta fito da ƙarami na naira 500 don mai ƙaramin ƙarfi, ta mayar da kai kaya kafin asuba, ta kuma yarda tana karɓar kwantai ana musanyawa. Mai shayi ya fi jin zafin burodin da ya kwana masa a kan tebur fiye da naira ɗari. Sai dai ta gargaɗe mu cewa karɓar kwantai yana da haɗari: in ba ka ƙayyade adadi ba, za su ɗibi fiye da ƙarfinsu ya dawo maka.

Akwai inda bin farashi ya dace, kuma wani matashi cikinmu ya nuna mana yadda ake yi. Yana da dillali ɗaya da ke kwashe kusan rabin kayansa, rasa shi daidai yake da kashe tanda. Bai sauke farashi ga kowa ba. Dillalin kaɗai ya yi wa gyara, burodi ɗaya a kan kowane ashirin, na tsawon wata biyu. Gyaran yana cin masa 800 a kan ashirin, wato naira 40 a kan kowanne maimakon 100, kuma janye gyara ya fi sauƙi a kan mayar da farashin da ka riga ka sauke. Mambobi biyu da suka sauko 900 gaba ɗaya har yau sun kasa komawa, ɗayansu ma bashin fulawa ya hau kansa. Ga masu tunanin cike giɓi da buromet ko sakarin, NAFDAC ta hana su a burodi, kuma duk wanda aka rufe wa gida a kan haka kada ya nemi ƙungiya.

Saura aikin sayen fulawa a haɗe, wanda ake ta tambayata ina ya kwana. Shi ne kaɗai zai sauke mana 800 ɗin nan, har mu iya rage farashi ba tare da mun ci uwar kuɗi ba. Kwamiti ya yi nasa. Mun je wurin babban dila sau biyu, ya yarda da ragi in za mu ɗauki tirela guda da kuɗi hannu. Mutum 26 suka rubuta suna, 9 suka kawo kuɗi, muka riƙe wata ɗaya muna jira, farashi ya motsa, dole muka mayar wa kowa nasa. Masu cewa kwamiti ya yi sanyi su zo su duba littafi, sunayen suna nan. Sikelin da aka ce a saya wa ƙungiya ma bai samu ba saboda asusu bai kai ba, har yanzu na Hajiya muke ara.

Za a sake buɗe rajistar fulawa a zama mai zuwa, kuma shugabanni sun amince ba za a rubuta sunan wanda ake bi kuɗin wata ba. Ma'aji yana ofis kowace Asabar bayan la'asar. Kowa ya zo da lissafin abin da burodinsa ɗaya ke ci, a rubuce.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu. Wassalam.

Sakatare