Habibu, maganar yaron nan na gurup ɗinku

Assalamu alaikum Habibu, ya Madina ya karatu. Mu nan Jidda lafiya lau sai zafi da gumi. Ummanka ta kunna min saƙon muryar da ka turo mata jiya da daddare, minti tara cur, na saurara har ƙarshe, kuma tunda ni ba ka faɗa min ba saboda baban yaron abokin sahu na ne a masallaci, to ga shi na ji, kuma gara na rubuto maka dan in na kira ka za ka ce Baba ba komai.

Abin da na fahimta, ku huɗu ne a mashru'in kammalawa, wanda 'yan Najeriya ke cewa furojet, za ku cike takardun tambayoyi 200 a wajen masu shaguna, kowa 50, sannan kowa da babin da zai rubuta. Ku uku kun gama naku, shi ya kawo 6 kacal, babinsa na biyu ko layi ɗaya babu, saura sati uku a miƙa, kai ne shugaban gurup, kuma ka ce ma ummanka za ka zauna ka yi masa duka ka yi shiru Allah ya saka maka. To wannan shirun shi ne ya hana ni barci, ba aikin ba.

Ka san ni na taɓa yi. Kafin na zo Saudiyya, ina saurayi a Mai Wurno ta Sudan, duk kaka mukan tafi Gadarif yankan riɗi. Riɗi ba ya jira, da ganye ya yi rawaya ya fara zuba to kwanaki ƙalilan gareka, in ka makara kwanso ya fashe ƙwaya ta zube ƙasa shikenan. Biyan kuɗi kuma da hilla ake yi, dami 400 ka ɗaure ka jingina su tsaye su bushe. Mu huɗu muka karɓi wani yanki a dunƙule kuɗin a raba daidai, sai ɗayanmu kullum ciwon kai, hantsi na yi yana ƙarƙashin bishiya. Ni da ƙuruciya da jin ƙarfi sai na riƙa tashi da farin wata ina yanke layinsa, ban ce masa komai ba ban ce ma kowa ba, a raina ina lissafi ina cewa za su gani ai. Ba wanda ya gani. Ɗan abin da ya ɗaure da hannunsa sakwa-sakwa ya ɗaure, iska ta zo ta zubar da su riɗin ya tsiyaye, wakilin mai gona ya zo yana tambaya wa ya yi nan, kowa ya ce ai wane muke gani a wajen da dare. Ni kenan. Aka yanke kuɗin a rabona. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ranar na gane ma'anarta. Wlh shekara kusan biyar in na hango mutumin nan a kasuwa sai na canza hanya, shi kuwa ko a jikinsa, bai ma san ina fushi ba.

Shekarar da ta biyo muka tafi da wani dattijo, shi abin da yake yi kawai kafa turke a bakin layin kowa, da magariba a ƙirga dami a gaban kowa a faɗa da baki, wane ya yi kaza wane ya yi kaza. In wani ya gaza ana taya shi, ba a barin riɗi ya zube dan a hukunta rago, amma kowa ya ji cewa dami 60 ɗin nan na layin wane ne wane ya yanka. Ba faɗa ba gori. Wannan turken nake so ka kafa.

Amma kafin nan ka same shi ku biyu, ba a gurup ba, ku sha shayi ka tambaye shi me ya tsaya. Sau ɗaya. Ka san yaranmu na nan, wani yana tsaron shago har biyun dare, wani matsalar iƙama ce ta cinye masa hankali, wani kuma Larabcin baki gareshi kamar ruwa amma in aka ce rubuta shafi goma sai kunya ta kama shi ya ɓuya. Ga yadda za ka bambance, wanda ya maƙale in ka rage masa aikin ka ce kawo min shafi biyu jibi zai kawo ko da a karkace ne, shi kuwa rago ko ka mayar da shi rabin shafi sai ya ce in sha Allahu bukra. In maƙalewa ya yi ku yi musanya, ka ba shi yawon shaguna ka karɓi rubutun, an wuce wajen. In ragon ne to ka daina ɓata bakinka, ba kai za ka canza masa hali a sati uku ba.

Daga nan ka rubuta a gurup ɗinku na wasap inda ku huɗu kuke, ba da zafi ba, kamar haka: wane, saura takardu 44 da babi na biyu a wajenka, muna jira zuwa Alhamis bayan la'asar, in ba su samu ba mu uku za mu raba mu yi kuma za mu sanar da dakta mai duba mashru'in yadda aka sake rabon. Iya nan. Kar ka sa kullum haka kake, kar ka sa wallahi mun gaji, dan duk abin da ka rubuta wata rana za a iya karanta shi a gaban malami, so kake a ga kwanan wata da adadi ba fushinka ba. Kuma kar ka ji wai rubutawa rashin yarda ne da ɗan'uwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, cewa ta yi in kun yi bashi ku rubuta, kuma da muminai take magana.

Me ya sa Alhamis ɗin nan ba ranar miƙawa ba, saboda ba a fafe gora ranar tafiya. In ka ba shi har daren ƙarshe abu biyu zai kawo maka, kuma duka sun fi rashin kawowa muni. Ko ya zauna a ɗaki ya cike takardun 44 da kansa, ko ya kwafo babin daga intanet ya manna. Sunanka na kan bangon littafin tare da nasa, in na'urar binciken satar rubutu ta kama babi na biyu ba za a ce na wane ba ne, mashru'in za a ce, kai kuma ne shugaba. Dan haka duk abin da ya kawo a makare ka duba kamar kana sayen akuya. Takardun ka ga ko biro ɗaya ne da hannu ɗaya, ko amsoshin suna tafiya iri ɗaya daga sama har ƙasa, ka zaɓi uku ka tambaye shi wane shago ne a wane titi. Babin kuma ka ɗauki jimla ɗaya mai santsi wadda ka san ba bakinsa ba ce ka sa a gugul. In ka ga alama kar ka gyara masa ka wuce, da ka taɓa ya zama damin da ka ɗaure, mayar masa za ka yi a gurup ka ce ba za mu iya sa wannan ba.

Sannan 44 ɗin ba naka ba ne kai kaɗai, wa ya ce shugaba jaki ne. Ku uku, biyu su ɗauki 15 ɗaya 14, Juma'a da Asabar ba dawam, wato ba shiga aji, in kowa ya yi bakwai ko takwas a rana bayan la'asar lokacin da shaguna ke buɗe kun gama a kwana biyu. Babin ma ba sai ya kai naka kyau ba, ku yi shi daidai yadda zai wuce, kar ka ƙona jarabawar sauran darussanka a kansa. Ƙanwarka Sa'adatu ta nuna min cewa in kun yi rubutun a Google Docs akwai wajen da ake kira Version history yana nuna wa ya rubuta me da yaushe, to ku yi a can kowa da akawun ɗinsa, ni da muna da irin wannan a Gadarif ai da ba a yanke min ko sisi ba.

Maganar dakta, ranar Lahadi ka je ofishinsa ku biyu da ɗaya daga cikin abokan, kuma yaron ya san za ku je, in ya so ya biyo ku. Ba ƙara za ka kai ba, ce masa za ka yi ga rabon farko ga rabon yanzu, shin akwai takardar da ake rubuta gudummawar kowa ko mu sa a shafin farko. Ka bar shi da hukuncinsa. Wataƙila ya rage masa maki, wataƙila ya ce ku dai ku gama ya ba ku maki ɗaya, wasu malaman ba sa son ciwon kai, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Na san abin da ke cin ka, giba. Ka buɗe Riyadus Salihin babin abin da ya halatta na giba, Imam Nawawi ya kawo wurare shida, na farkonsu wanda aka zalunta ya kai kuka ga mai ikon raba gardama. Abin da bai halatta ba shi ne wanda kake yi yanzu a ɗakin kwana da wajen cin abinci, kana ba mutanen da ba su da abin yi a kai labarinsa, har da minti tara na ummanka in za mu faɗi gaskiya. Kuma shi ne ke hura wutar, duk maimaitawa ɗaya sai ka ji abin ya dawo sabo.

Ɗacin da na kwana da shi shekara biyar ba daga yankan dare ya zo ba, na yi wanda ya fi shi wahala ban ji komai ba. Bashi na rubuta masa a zuciya wanda bai san da shi ba, ina jiran godiya, ina jiran mutane su lura. Kai kana yin aikin nan ne dan takardar shahadarka ta kammalawa ta fito a kan lokaci, riɗinka kake tserarwa, ba alfarma kake masa ba, dan haka kar ka jira na gode. Eh zai iya samun maki da guminku, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ina sane, yana da ciwo. Ranar munaƙasha dai, wato ranar kare mashru'in a gaban malamai, in aka jefa masa tambaya kan babi na biyu kar ka yi tsalle ka amsa masa, kar kuma ka yi murmushi in ya daburce, in kai aka tambaya wa ya rubuta ka faɗi yadda aka yi a jimla ɗaya ka yi shiru.

Babansa kuma ka bar ni da shi, ba zan ce masa komai ba, in ya tayar da maganar na san abin da zan faɗa, kai dai in kun haɗu da yaron ka gaishe shi yadda ka saba. Ka turo min hoton saƙon kafin ka sa a gurup in duba ko da yaji a ciki. Ummanka ta ba direban da zai taso ranar Laraba ƙuli-ƙuli da yajin daddawa, ka kunna wayarka zai kira ka in ya shigo gari. Ka yi mana addu'a a Rauda.

Babanka