Sanarwa: idan kun tura saƙo da kuskure a WhatsApp

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kafin ku taɓa saƙon da ya fita da kuskure, ku danne shi ku buɗe Info, ku ga mutum nawa suka riga suka karanta.

Idan harafi ne ya zame, ma'ana ba ta canza ba, ku gyara da Edit kawai. WhatsApp na ba da minti 15 bayan turawa, daga nan ƙofa ta rufe.

Matsalar ita ce idan kuskuren ya shafi lokaci, lamba ko adadin kuɗi. A ce an rubuta taro ƙarfe 4, alhali ƙarfe 2 ne. Edit ba ya sanar da kowa, sai ƴar alamar Edited a gefen saƙo, don haka duk wanda ya karanta tun farko zai zo ƙarfe 4. Gogewa ma ba ta cire abin daga kan mutane, kuma amsoshin da aka bayar sai su rasa tushe. A nan ku bar saƙon, ku yi masa Reply da sabon saƙo: "GYARA: taro ƙarfe 2 ne, ba 4 ba." Ku ambaci tsohon adadin da sabon tare, saboda wanda ya tura shi wani rukunin ya san abin da zai janye.

Gogewa kuwa ta abin da zamansa ke cutarwa ce: lambar asusun da ba daidai ba, sirrin wani, hoton da ba na nan ba. Ku zaɓi Delete for everyone, ba Delete for me ba, sannan ku rubuta layi ɗaya kan dalili. Idan kwana biyu sun wuce, zaɓin na iya ɓacewa, sai dai gyara a bayyane.

Masu kula da rukuni